Minti Ɗaya a Gaban Teloli

Sakataren ƙungiyar teloli ne ya kawo takardar da kansa, wata Talata da hantsi, ina tsugune a ƙofar shago ina wanke kan wani keken ɗinki da kananzir. Ya gaida Baba, ya miƙa masa. Baba ya juya ta gaba ya juya ta baya, sannan ya miƙo mini kamar dai ƙiwar karantawa yake yi. Shekara biyu ke nan idonsa ba ya ganin kafar allura, balle rubutu, amma ba ya son a gane a gaban baƙo. Ni kuma karatun nawa bai yi nisa ba, sai na bi da yatsa. Sakatare ya ga za mu ɓata masa lokaci, ya ce bari ya faɗa mana da baki.

Ya ce teloli sun gaji da yawon neman mai gyara. Su fiye da ɗari biyu ne a sabuwar kasuwa, layi goma sha biyu, kowane layi da wakilinsa. Sun yanke shawarar ɗaukar mai gyaran keke guda ɗaya, su ba shi rumfa a tsakiyarsu, duk aikinsu ya zama nasa. Mutum biyar suka gayyata, har da mu. Ranar Asabar ta sama kowa zai tashi ya gabatar da kansa a gaban wakilai, wakilai su koma su faɗa wa mutanen layinsu abin da suka ji, bayan mako guda a dawo a zaɓa.

"Kowa minti ɗaya," in ji shi. "Da agogo. Ina kaɗa ƙararrawa mutum ya zauna."

Baba ya ce, "Minti ɗaya? Ai gaisuwa ma ta fi haka."

"To Mai Keke, sai a rage gaisuwar. Kai za ka zo ko Auta?"

Baba ya ce, "Auta zai zo."

Auta kuwa ni ne. Ni mutum ne da ko a ɗakinmu in an yi mutum huɗu sai muryata ta maƙale. Amma na san abin da ya sa Baba ya faɗi haka, na kuma san abin da ke cikin wannan minti ɗaya. Tun da teloli suka tashi daga layinmu suka koma sabuwar kasuwa, sai mu wuni keke ɗaya bai shigo ba. Waɗanda suka san Baba sun san idonsa ya tafi, ni kuwa kallon yaron shago suke yi mini, ko da yake shekara uku ke nan duk keken da ya fita daga nan hannuna ne ya gyara shi. Kawu ya riga ya samar mini aikin tsaron sito a wani gari mai nisa, tafiyar wuni biyu, Baba kuma ya amsa masa cewa in wata ya ƙare ba a ga canji ba, a rufe shago in tafi. Ni ne nake ɗiga wa Baba magani a ido safe da yamma. Ni ne nake riƙe masa hannu a tsallaka titi. Ba wanda ya yi maganar wa zai yi wannan in na tafi, kowa ya kauce mata.

Kwana biyu ina rubutu a bayan wata tsohuwar kalanda. Na sa shekarar da Baba ya buɗe shago, da irin kekunan da muke gyarawa, na ƙafa da na hannu da na lantarki, da masu aikin ado, da yadda muke saita haƙori in keke yana cin yadi, da yadda muke gane keke mai tsallaken ɗinki. Ranar Alhamis da la'asar na kai wa Yaya gidanta. Yaya ita ce babbarmu, malama ce a makarantar ƙananan yara, masu shekara huɗu da biyar. Na same ta tana ninke wanki a tsakar gida, ta ce in tsaya can jikin bango in karanta mata, ta ajiye wayarta a kan kujera tana duba lokaci.

Ban kai rabi ba ta ɗaga hannu.

"Minti biyu da rabi. An kaɗa maka ƙararrawa tun kana shekarar da Baba ya buɗe shago."

"To in ƙara sauri?"

"Ka ƙara sauri ka zama rediyon da batir ya yi wa yawa? Zo nan, Auta. Waɗannan wakilan, takarda za su riƙe?"

"Ban sani ba."

"Ba za su riƙe ba. Tela ba ya rubuta komai sai awo. Mutum zai saurari mutum biyar, ya fita ya sha rana, ya koma rumfarsa mai kaya na jiransa da faɗa, sai gobe ko jibi wani ya ce masa, af, me masu gyaran nan suka ce? Abin da ya rage a kansa a lokacin, shi ne maganarka. Sauran duk iska ta kwashe. Kuma ba kai za ka faɗa ba, bakin wani ne zai ɗauka. To ka ba shi kayan da zai iya ɗauka."

Ta ce ita da yaranta abu uku take ba su, ba ta wucewa. Ta miƙe ta yi mini yadda take yi kafin a ci abinci, har da tafi: "Mu wanke hannu. Mu goge hannu. Mu zauna mu naɗe hannu." Ta ce in lura, dukkansu da kalma ɗaya suka fara, tsayinsu ya yi kusa da juna, na ƙarshe ne kawai ya ɗan fi tsawo don a ji an sauka. Na farko yana buɗe kunne, na biyu yana sa mutum ya gane hanyar da aka ɗauka, kafin na uku ya zo ya riga ya miƙa hannu yana jira. In ka tsaya a biyu ka bar shi a tsaye. In ka kai huɗu da biyar ka koma lissafin cefane, na farkon ya zube kafin na ƙarshe ya shiga.

Na ce, "Yaya, teloli fa ba yara ba ne."

"Kan babba da kan yaro duk ƙofa ɗaya gare su. Faɗa mini, me kake yi wa tela wanda zai ji daɗinsa? Ban ce me ka sani ba."

Na yi tunani. Na ce ba sai ya ɗauko kan keke ya kawo mini ba, ni nake zuwa da jakata.

"Ɗaya. Zan zo shagonku. Sai me?"

Na ce ba na ɗauke keke in tafi da shi, a nan inda yake nake buɗe shi, mai shi yana kallo.

"Biyu. Zan gyara a gabanku. Ka ji yadda suka bi juna? Kada ka canja 'zan' ɗin nan, kada ka ce 'kuma ina iya', kada ka yi masa ado. Yadda ka faɗi na farko haka za ka faɗi na biyu. Saura na uku, shi ne mai nauyi, shi za su fi riƙewa."

Nan na tsaya. Na kawo wannan ta ce ya yi tsawo, na kawo wancan ta ce ba shi da gishiri. Can ta tafa hannu.

"Na samu! Zan gyara sau ɗaya, ba za ku sake nemana ba."

Ta haɗa su ta faɗa gaba ɗaya, da ɗan shiru kafin na ukun, wallahi har tsigar jikina ta tashi. Ta ce in fara da cewa ni ne Autan Mai Keke, in faɗi ukun, in numfasa, in sake faɗinsu daidai yadda na faɗa, in rufe da Autan Mai Keke, in zauna. Ta ce in gwada a kan wani wanda ba ɗan gida ba, kada in ce masa ya riƙe, washegari in tambaye shi.

Maƙwabcin shagonmu mai guga ne, mutum mai surutu da tsokana, wanda ko kuɗin cinikinsa sai ya manta inda ya ajiye. Na same shi yana hura gawayi, na faɗa masa sau biyu ina kallon ƙasa. Ya ce, "Auta, yau kuma waƙa ka koma?" Ya ci gaba da hura wutarsa.

Washegari da safe ina buɗe ƙofar shago, tun daga tsallaken titi na ji muryarsa.

"Ga mai gyara sau ɗaya! Ba za ku sake nemansa ba! Zai zo shagonku, zai gyara a gabanku, daga nan sai a lahira!"

Mutanen da ke jiran mota suka yi dariya. Da farko daɗi ya kama ni, don ko kalma ɗaya bai yar ba. Sai na juya na ga Baba zaune a kan bencinsa, ya karkata kai yana saurare.

"Me yake cewa?"

Na faɗa masa duka. Ya daɗe yana murza wani ɗan noti a tsakanin yatsunsa.

"Auta, keken matar nan mai ɗinkin labule, sau nawa ka je masa bana?"

"Sau uku."

"Aikinka ne bai yi ba?"

"A'a. Yadin ne mai kauri, kuma ba ta sa mai."

"To. Keke ƙarfe ne, ƙarfe kuwa yana cin ɗan'uwansa. Wanda ya ce maka ya gyara keke har abada, ko dai bai san keke ba, ko bai san Allah ba. Ka ga wannan mai gugar, da ba ya riƙe komai, ya riƙe. Haka mutum ɗari biyu za su riƙe. Ranar da bel ya tsinke bayan wata biyu, da wannan maganar za su tare ka a bakin layi."

Na san gaskiya ya faɗa, don tun jiya da nake maimaitawa, in na zo na ukun sai in ji kamar na taka wani abu mai santsi.

Baba ya ce tunda wuri ya samu, a sa cewa shekararmu talatin da ɗaya muna wannan aiki, a sa cewa shi ya koya a hannun mutanen da suka fara kawo kekunan, a sa cewa muna da kayan gyara na asali. Na gwada a kan mai guga da rana, na jera masa guda biyar. Kafin la'asar na tambaye shi, ya sosa ƙeya ya ce, "Akwai dai shekara talatin da wani abu. Ko arba'in ne?" Har biyun farkon da ya riƙe da safe sun ruɗe masa. Na sake gwada masa biyu kawai, na yi shiru. Ya tsaya da dutsen guga a sama yana kallona.

"Sai me?"

"Shi ke nan."

"Kai, wannan ai kamar a ɗaga ƙafa ne a rasa matakala. Ƙarasa mana!"

Na koma wurin Yaya ranar Lahadi. Ba ta ji daɗi ba. Ta ce kowa a duniya yana ɗan ƙara wa miyarsa gishiri, mu ne kawai za mu mutu da gaskiya a shagon da ba kowa. Na ce mata ba zan iya faɗa ba ne, ko na so bakina zai yi rawa. Ta dube ni, ta sauke numfashi.

"Kai da Baba dai, sai Allah. To ka ce, zan yi muku sauƙi. Ba ƙarya ba ce ai?"

"Ba ƙarya ba ce."

"Ba ta da ƙarfi, amma ta fi babu. Kujera mai gajeriyar ƙafa ta fi mai ƙafa biyu."

Haka na yi kwana biyar ina maimaitawa. Ina tafiya ina faɗa, taku ɗaya magana ɗaya. Ina wanke keke ina faɗa. In na zo na ukun sai in ji muryata ta faɗi ƙasa kamar an sace wa taya iska. Abinci ya daina shiga. Ranar Laraba Kawu ya kira ya ce mai siton yana tambaya, a gaya masa ranar da zan taso. Baba ya ce masa a ɗan ƙara haƙuri, ya ajiye wayar, ya ce in zo in ɗiga masa magani, alhali ban daɗe da ɗiga masa ba.

Ranar Asabar na sa rigata mai kyau, wadda Yaya ta kai wa mai guga da kanta. Ofishin ƙungiya ɗaki ne dogo a saman wasu shaguna, da fanka ɗaya mai ƙara, da benci shida. Wakilai goma sha biyu suna gaba, maza da mata, wasu da tef ɗin awo rataye a wuya, wasu teloli kuma sun cika baya don kallo. Mu biyar aka jera mu a benci ɗaya jikin taga. Sakatare ya ajiye agogo da ƙaramar ƙararrawa a kan tebur, ya ce ba tambaya, ba tafi har sai mutum ya gama. Ni ne na huɗu.

Na farko dattijo ne, ya fara gaida shugaba da mataimakinsa da ma'aji da iyaye mata, yana cikin yi wa ƙungiya addu'a aka kaɗa masa. Ya ce, "Ban fa fara ba!" Aka yi dariya. Yana komawa wurin zamansa ya waiwayo ya ce, "Zan dai yi muku sauƙi!"

Na biyu ya yi magana ƙasa-ƙasa, ban ji yawanci ba, amma ƙarshenta na ji sarai. Ya ce duk garin nan ba wanda ya kai shi sauƙi.

Ƙafa ta ukun da na zo da ita, mutum biyu sun riga sun zauna a kanta. In na faɗa, wakili zai koma layinsa ya ce duk sun ce za su yi sauƙi, shi ke nan na narke a cikinsu.

Na uku shi ne wanda ake kira Injiniya. Yana da babban shago a bakin titi da yara masu yi masa aiki, ya zo da takardar shaida a cikin gilashi. Ya iya magana ƙwarai. Ya jero sunayen kekuna sun fi goma, ya jero garuruwan da ya yi aiki, ya ce yana da mota da za ta zo ta ɗauki keke ta dawo da shi kamar sabo. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, ya gama daidai da ƙararrawa. Ɗaki ya ɗauki tafi. Ni ma na tafa, don ya cancanta.

Tafin bai gama mutuwa ba wata tsohuwa a cikin wakilai ta ɗaga murya. Inna Tela ake ce mata, ita ce wakiliyar layin masu ɗinkin kayan yara.

"Ni dai motar nan ce ba na so. Duk wanda ya ɗauki keke ya tafi da shi, sai ya dawo ya ce ya canja kaza ya canja kaza. Ina tsohon? Wai ya yar. Ni na ga abin da aka cire? Na san ko lafiyayyen nawa aka ɗauke aka sa mini na banza?"

Sakatare ya ce, "Inna, an ce ba tambaya."

"Ai ba tambaya na yi ba, ɗan nan, ciwo na faɗa."

Mutanen baya suka ɗauki gunaguni, ana cewa wallahi haka ne. Injiniya ya buɗe baki, Sakatare ya hana shi, ya ce kowa ya yi shiru, saura mutum biyu.

Ni kuwa ina zaune wani abu yana motsi a kaina. Mu a shagonmu duk abin da aka cire a keke, ko sukurun da ya cinye ne, ko guntun bel, a tafin hannun mai keke ake sa shi kafin a ɗaura sabo. Haka na tarar ana yi, ban taɓa ɗaukarsa wani abin faɗa ba, kamar yadda mutum ba ya faɗin cewa yana rufe ƙofa in zai fita. Na fara jera shi a zuci, ina danna yatsu a gwiwa. Duk abin da muka cire muna ba mai shi. A'a, ya bar hanyar 'yan'uwansa, dole ya fara da zan. Zan ba ku tsohon. Ya yi gajere, ba a sauka ba. Zan sa abin da na cire...

"Autan Mai Keke!"

Na miƙe. Na tsaya inda sauran suka tsaya, na ga idanu sun yi mini yawa, sai na zaɓi tef ɗin awon da ke wuyan wani wakili na kafa masa ido.

"Ni ne Autan Mai Keke."

Muryar ta fito siririya. Wani a baya ya ce a ɗaga murya. Na ɗaga.

"Zan zo shagonku. Zan gyara a gabanku."

Na yi shirun da Yaya ta koya mini, amma ya fi nata tsawo, don tsoro nake ji kada in buɗe baki tsohuwar maganar ta fito. Har fanka na ji tana ƙara.

"Zan sa abin da na cire a hannunku."

Na numfasa, na sake faɗinsu, wannan karon ba rawar murya sosai. Na ce, "Autan Mai Keke ne," na koma na zauna.

Ba wanda ya tafa. Sakatare ya dubi agogo ya dube ni.

"Ka gama? Saura maka fiye da rabi."

"Na gama."

Wani ya ce, "Shi ke nan? Wannan ai ko zama bai gyara ba." Aka yi 'yar dariya. Na biyar ya tashi ya yi nasa, ban ji ko kalma ɗaya ba. Da aka tashi na bi bango na sauka, na ga wakilai uku sun kewaye Injiniya suna duba takardarsa.

Makon nan ban taɓa ganin mako mai tsawonsa ba. Da na ba Yaya labari, ta ce na ukun ya fi nata, amma me ya sa ban ɗaga kai ba, me ya sa ban yi murmushi ba. Baba ya sa na maimaita masa sau ɗaya, ya ce, "To, ba ka yi ƙarya ba," bai ƙara ba. Ni kuwa tafin da aka yi wa Injiniya ne yake ta dawo mini. Na riƙa cewa da na sani na cika mintina, da na sa shekara talatin da ɗayan, da na ce wani abu game da kekunan lantarki. Mutum ya samu minti ɗaya a rayuwarsa ya mayar da rabi! Ko hanyar sabuwar kasuwa na daina bi. Ranar Alhamis na ɗauko jakar tafiya daga saman kabad na kakkaɓe ta, na mayar kafin Baba ya ji motsi. Na fara koya wa mai guga yadda ake ɗiga magani, ya ce hannunsa rawa yake yi, kada ya tsiyaye wa tsoho ido gaba ɗaya.

Asabar ta zo, ba a gayyace mu wurin zaɓen ba, an ce za a aiko. Na buɗe shago, na share, na sake sharewa. Azahar ta wuce ba kowa. Baba yana zaune yana juya kai duk lokacin da babur ya rage gudu a ƙofa.

Wajen la'asar Sakatare ya iso, a ƙafa, yana share gumi. Ya gaida Baba, wannan karon ya zauna, ya nemi ruwa. Na kawo masa. Ya sha a hankali.

"Kai, yau na ga rigima," in ji shi. "Layi biyar Injiniya suka ce. Da aka tambaye su me ya faɗa, sai su ce ai mutumin ya san aiki, yana da mota. Layi ɗaya suka ce duk wanda aka ba su. Layi shida kuwa, kowane wakili ya tashi sai ya ce mutanensa sun ce a ba su mai sa abu a hannu. Wani ma da bai zo taron ba, a bakin matakala ya tare ni yana karanta mini, shagonku, gabanku, hannunku, kamar shi ya rubuta."

Baba ya ce, "To yanzu wa aka ba?"

"An ba Auta. Amma gwaji ne, wata uku, don na Injiniya ba su haƙura ba. In an samu ƙorafi za a sake zama." Ya ciro ɗan makulli ya ajiye a kan benci. "Rumfa ta bakwai a layin tsakiya. Ƙarama ce fa, benci ɗaya za ta ci."

Baba ya lalubi makullin, ya shafa haƙoransa da babban yatsa, ya ce benci ɗaya ai ya ishe shi zama, ni dama yawo zan riƙa yi. Sannan ya ce in kira masa Kawu.

Ranar Litinin da sassafe, ban gama jera kayan aiki ba aka ce Inna Tela na kira, kekenta yana tsinka zare. Na ɗauki jaka na tafi, teloli sun leƙo daga rumfunansu suna bina da ido. Na gaishe ta, na tsuguna, na juya keken da hannu ina saurare. Gidan kwarkwaro ne, inda zaren ƙasa yake zama, ya yi kaifi a baki, yana yanke zaren. Na ce mata sai an canja.

Ban ma ɗauko sukudireba ba ta ajiye almakashi, ta matso da kujerarta, ta shimfiɗa tafin hannunta a kan teburin keken.

"Bismillah," ta ce. "Ka zo, na gani. Kana gabana, na gani. Ina jiran na ukun."